Mai sayar da waya ya ƙi turo hoton ainihin kayan: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani a Instagram yana sayar da iPhone 13 Pro, ya ce orijina ce sabuwa fil a kwali, yana Legas ni ina Gusau. Duk hoton da ya turo mini irin na tallan kamfani ne. Ya ce in tura kuɗin duka ya sa mini ita a mota. Me ya kamata in bincika kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tura ko sisi tukuna. Hoton talla kowa zai iya sauke shi daga intanet cikin minti ɗaya, don haka bai nuna maka komai ba game da wayar da za a aiko maka, bai ma nuna cewa akwai wayar ba. Abin da kake nema shi ne shaidar da za ta haɗa abu uku wuri guda: wannan mutumin, wannan wayar takamaimai, da yau ɗin nan.

Tun kafin ka wahalar da kanka, akwai abin lura a maganarsa. Kamfanin Apple ya fitar da iPhone 13 Pro a watan Satumbar 2021, ya kuma daina sayar da ita bayan shekara ɗaya. Wadda ba a taɓa buɗewa ba tana da wuyar samu yanzu, kuma sake liƙe kwali ya zama kamar sabo ba wani aiki ba ne a wurin masu wannan harka. Ka kira shaguna biyu ko uku a Farm Centre ta Kano ka ji farashin ta hannu mai kyau. In nasa na sabuwa ya gaza nasu na ta hannu, ka riga ka sami amsarka.

In farashin bai tona shi ba, nemi hoto ɗaya: wayar a kunne, kusa da takarda da ya rubuta sunanka da kwanan watan yau da biro. Ka sa hotunan da ya turo a baya cikin Google Lens, manhajar Google mai binciken hotuna, ka ga ko suna shafukan wasu. Amma hoto ana iya haɗa shi, shi ya sa muhimmin mataki shi ne kiran bidiyo kai tsaye, kai kake faɗin abin da zai taɓa, yana taɓawa kana kallo. Bidiyon da aka riga aka ɗauka ba ya cikin lissafi.

A kiran, ka ce ya danna *#06#. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, za ta fito. Ka rubuta ta, sannan ya nuna maka wadda ke bayan kwali da wadda ke jikin ɗan tiren da ake sa layi. Dole su zama ɗaya. Daga nan ya shiga Settings, General, About. Wannan shafin shi ne zuciyar binciken, kada ka bari ya wuce shi da sauri. Model Name ya nuna iPhone 13 Pro. Harafin farko na Model Number yana faɗin asalinta: M tana nufin an sayar da ita sabuwa, F wadda kamfani ya gyara ya sake sayarwa, N wadda aka ba wani a madadin tasa da ta lalace. Carrier Lock ya nuna No SIM restrictions, in ba haka ba a kulle take da wani kamfanin sadarwa na waje, layinka ba zai yi aiki ba. In ka ga Parts and Service History, an taɓa canza mata wani sashe, in kuma aka rubuta Unknown Part, abin da aka sa ba wanda wayar ta gane ba ne.

Ka kwafi Serial Number ka sa da kanka a checkcoverage.apple.com. Zai nuna maka samfurin da lambar take da shi da halin garantinta. Wayar da aka ce sabuwa ce amma garantinta ya ƙare tuntuni, an daɗe da kunna ta. Sai dai ka san iyakar wannan bincike: masu jabu suna kwafar lambar wayar gaskiya su buga a kwalinsu, don haka lambar da aka turo maka a rubuce ko a hoton kwali ba hujja ba ce. Wadda ka gani a fuskar wayar cikin kira ita ce abin dogaro.

Wani jabun da ake faɗa wa a wannan samfurin shi ne iPhone XR ta 2018 da aka sauya wa gida ta koma kamar 13 Pro. Daga baya za ka ga idon kyamara uku, amma ɗaya ne kawai ke aiki. Ka ce ya buɗe kyamara: ta gaskiya tana da 0.5x da 1x da 3x, XR ba ta da 0.5x da 3x. Haka nan 13 Pro daga 128GB ta fara, in ka ga 64GB an gama magana. Ɗaya jabun kuma Android ce da aka yi wa kwalliya, ita kuwa da ya taɓa App Store sai ka ga Play Store ko wani abu dabam ya buɗe.

Wanda ya ce ba zai iya buɗe kwali ba don kada ta rage daraja, to ba zai iya sayar maka daga nesa da kuɗi a gaba ba. Wanda kullum kyamararsa ta lalace, ko kayan suna sito, ko wani yana shirin saye in ba ka biya yanzu ba, ka ƙyale shi.

Ko da ya ci duk wannan jarrabawa, abin da ka tabbatar kawai shi ne yana da wayar. Ba ka tabbatar zai aiko ta ba, kuma a nan ne mutane masu wayo suke asara. Mafi aminci shi ne ka sami ɗan'uwa ko amintacce a Legas ya je shagonsa ido da ido, ya gwada lambar IMEI da wadda ka rubuta, ya duba Battery Health, ya sa a yi Erase All Content and Settings a gabansa. In bayan gogewar ta nemi asusun iCloud na wani, a kulle take, kuma ba ta da amfani gare ka sai mai asusun ya cire shi. Sai wayar ta shiga hannun mutuminka sannan ka tura kuɗi, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da IMEI. In ba ka da kowa a can, ka nemi a biya bayan kaya sun iso, kai ka ɗauki kuɗin mota kaɗai, adadin da in ya salwanta ba zai karya ka ba.

Lokacin turawa ka karanta sunan da manhajar banki ta nuna. In ya saɓa da sunan shagon ko na wanda kuka yi bidiyo da shi, ka tsaya, komai bayanin da zai yi na cewa asusun ƙaninsa ne ko na akawunsa. Turin kuɗi tsakanin bankuna nan take yake shiga, kuma banki ba ya dawo da wanda ka tura da hannunka don kawai ka ce an cuce ka. Ka adana hirarku, da lambar asusun, da shaidar biya. In abin ya faru, ka kai ƙorafi bankinka a ranar, ka kuma sanar da 'yan sanda, domin damar riƙe kuɗin tana nan ne kawai kafin a kwashe su zuwa wani asusun.