Me Ya Sa Ba A Ƙirga Kayan Shago Duka Rana Ɗaya?

"Kawu, tun da na karɓi shagon Baba a babbar kasuwar Garwa na tarar yaran suna ƙirga shinkafa da mai da sukari kowane ƙarshen wata, amma allura da ashana sai shekara ta zagayo, lokacin fitar da zakka. Da na tambaya sai suka ce haka aka saba. Al'ada ce kawai, ko akwai dalili?"

Ɗana, akwai dalili, kuma na ji daɗi da ba ka rushe abin ba kafin ka tambaya. Ni da mahaifinka muka zauna muka tsara shi, bayan na dawo daga aikin sito. Masu ilimin ajiyar kaya suna kiran tsarin ABC, wato raba kaya gida uku bisa yawan kuɗin da ke bi ta cikinsu a shekara.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su dubi tsadar abu guda. A'a. Ka ɗauki yawan abin da ya fita a shekara, ka ninka da kuɗin da ka saro shi. A ce katan ɗin turare sefa 60,000 ne, amma biyar kawai kake sayarwa a shekara, ka ga 300,000 ke nan. Katan ɗin sabulu kuwa 9,000 ne, amma 400 ke fita, ya ba ka 3,600,000. Wanda ido ke rainawa ya ninka mai tsadar sau goma sha biyu. Shinkafa, in buhu 600 suka fita a kan 20,000, ita kaɗai 12,000,000 ce.

Ka yi wa kowane iri haka daga littafin sari, ka jera su daga babba zuwa ƙarami, kana tarawa kana sauka. A ce iri 150 ne a shagon, jimillarsu 40,000,000. Za ka iya samun iri 15 na sama sun cinye 32,000,000, wato kashi 80 cikin 100. Su ne A. Iri 45 da ke biye sun ɗauki 6,000,000, su ne B. Sauran iri 90, da yawansu da cika kanta, 2,000,000 ne kacal, su ne C. Ba dole iyakar ta tsaya daidai kan 80 ba. Ka duba inda lambobi suka faɗo ƙasa sosai ka ja layi a nan.

To ga abin da ya sa ƙirgar ta bambanta. In kashi 2 cikin 100 na kayan A ya salwanta, ta hanyar ɓera ko jiƙa ko dogon hannu, asararka 640,000 ce. Irin wannan a kayan C 40,000 ne. Shi ya sa A kowane wata, B duk wata uku, C sau ɗaya a shekara. Lissafa da kanka: 15 sau 12 ya ba da 180, 45 sau 4 shi ma 180, a ƙara 90, ƙirga 450 ke nan a shekara. Iri biyu kowace safiya kafin a buɗe ƙofa sun wadatar, ba sai ka rufe shago ba. Da za ka ƙirga komai duk wata, 1,800 ne, kuma na ga yadda hakan ke ƙarewa: yara su gaji da ƙirga allura, su iso kan buhuna su kwafo abin da ke littafi.

Wannan ma alama ce da nake so ka riƙe. In wata uku a jere ƙirgar A ta fito daidai da littafi ba ko kwalba ɗaya, ka yi shakka. Kada mai ƙirga ya ga adadin littafi, kuma kada mai riƙe da makullin sito ya ƙirga shi kaɗai. In an sami giɓi, kafin ka zargi kowa ka sake ƙirgawa, sannan ka duba littafin bashi. Na taɓa ɓata wa wani yaro rai kan jarkar mai huɗu, ashe bashi aka bayar ba a rubuta ba, har yau abin yana damuna.

Akwai kayan da lissafi zai jefa C amma ba za ka bar su shekara ba. Batur yana shiga aljihu cikin sauƙi, madarar gwangwani tana da ranar lalacewa, ka ɗaga su zuwa B. Dabino kuma shekara duka yana kwance, sai azumi ya matso ya zama A na wata biyu, ka riƙa ƙirga shi duk mako a lokacin.

Jerin da ke hannunka na zamanin mahaifinka ne, kasuwa kuwa ta sauya. Bayan ƙirgar zakka ta bana ka sake shi da littafin watanni goma sha biyu da suka wuce. In ka shigo Marwa ka taho da littafin, mu ja layukan tare. Ka gaishe min da mahaifiyarka.