Bishiyoyi sun cinye ginin

Tambaya: Na yi zanen gidan bene a Sakkwato, na zuba bishiyoyi da mutane, sai ginin ya ɓace. Yaya zan gyara?

Ɗan'uwa, fara da cire duk bishiyar da ba ta fita a garinmu. Na taɓa cika zane da dogayen bishiyoyin Turai, mai gida ya kalla ya ce wannan ba Sakkwato ba ce. Sa dogon yaro ko dabino, ka tura su gefe da bayan ginin, ka bar ƙofar shiga a fili. Benen hawa biyu tsayinsa kamar mita 7 ne, saboda haka dogon yaron da ke gaba kada ya kai rufin.

Koren ma ka rage masa kaifi, don ganyenmu yana ɗauke da ƙura. Ka rufe ido rabi ka dubi hoton: in kore ka fara gani kafin bango, ya yi yawa.

Mutane uku sun isa, tsayi kamar mita 1.7, cikin kaftani da hijabi marasa kala mai ƙarfi. Ɗaya ya tsaya dab da ƙofa, inuwarsa ta bi gefen da ta ginin ta bi, in ba haka ba sai ka ga kamar yana yawo a iska.