Kundi mai shafi 60, magana ta minti 10

*Maigida, wata ɗalibar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta kawo kundin digirinta, shafi 60, tana so a mayar mata da shi PowerPoint don ranar da za ta kare aikin. Na fara kwafowa daga babi na ɗaya, ban ƙarasa babi na biyu ba har na yi silayid 25. Ta yaya zan gane abin da zai zama take, da wanda zai zama ɗigo a ƙarƙashinsa?*

Ɗana, rufe PowerPoint ɗin tukuna, ka kira ta ka tambaye ta minti nawa aka ba ta. Da wannan ake farawa, ba da yawan shafuka ba. Mu ce minti 10 ne. Mutum yakan ci kamar minti ɗaya a kan kowane silayid in yana magana a natse, ke nan gurbi 10 gare ka, ko 12 in abin ya matsa. Ɗauko takarda ka rubuta 1 zuwa 10, sannan ka buɗe kundin.

Kada ka buɗe shi daga farko. Tafi babi na biyar, inda ta taƙaita abin da ta gano, daga nan ka dawo babi na huɗu inda jadawalin alƙaluma suke. Bari in ɗauki misali irin wanda muke yawan gani. A ce bincikenta a kan asarar albasa ne wurin ajiya, ta yi wa manoma 120 tambayoyi a ƙauyuka biyu na wajen Wurno. Ga yadda zan raba gurabun nan: ɗaya na sunan aiki da sunanta, ɗaya na matsalar da ta sa aka yi binciken, ɗaya na manufofi, ɗaya na abin da magabata suka rubuta, ɗaya na hanyar da ta bi, huɗu na abin da ta gano, ɗaya na shawarwari. Ka ga babi na biyu, wanda sau da yawa ya fi kowanne kauri, silayid ɗaya ya samu. Malaman da za su zauna gabanta sun san waɗancan littattafan. Abin da ba su sani ba shi ne abin da ta samo a ƙauye, shi ya sa shi ke cin gurbi huɗu.

Yanzu batun take, kuma nan ne ainihin aikin. Sunan sashe ba take ba ne. In ka ɗauko "Sakamakon bincike" ka ɗora a sama, ba ka gaya wa kowa komai ba, kuma haka za ka maimaita shi sau huɗu. Take shi ne maganar da sashen ya tsaya a kai, wadda in aka ce wa yarinyar ta faɗa da numfashi ɗaya, ita za ta faɗa. Karanta sashen, ka rufe shi, ka tambayi kanka me ya ce. Mu ce shafuka uku ne a kan ajiya, da jadawali mai nuna cewa cikin buhu 100 da aka zuba a rudu, 30 sukan lalace kafin a kai kasuwa. To takenka ya fito: "Kusan kashi ɗaya cikin uku na albasar rudu na lalacewa kafin sayarwa". Mai zaune can baya, ko da bai ji muryarta ba, ya tafi da wannan.

Sai ka kiyaye abu ɗaya, don shi ke jawo wa ɗalibi tambaya mai zafi. Kada taken ya fi binciken girma. Ƙauyuka biyu ta je, saboda haka kada ka rubuta "manoman Sakkwato". Rubuta "manoman da aka tambaya". Alƙalamin da ka sa a take kuma, ka koma jadawali ka gwada shi, domin akan samu abin da ke cikin bayani ya saɓa da na jadawali, kuma ita kaɗai za ta iya gaya maka wanne ne daidai.

Ɗigo kuwa hujja ce. Duk wanda ya karanta take zai ce a ransa, da wane dalili? Abin da ke amsa masa shi ne ɗigo. A misalinmu uku sun isa: ruɓewa ce ta fi cin albasar, tsiro na biye da ita, kuma asarar ta fi yawa ga waɗanda ba su bar ta ta sha iska ba bayan cira. Kowanne layi ɗaya, in ya yi tsawo biyu. Take kamar rufin rumfa ne, ɗigogin su ne shisshiken da suka ɗauke shi, wanda bai ɗauki komai ba a cire shi. Jimlar da ta fara da "kamar yadda wane ya bayyana", da bayanin yadda ta sha wahalar samun manoma a gida, duk ba su hawa allo. Ba zubar da su za ka yi ba, sa su a akwatin `Notes` da ke ƙasan silayid, ta karanta abinta lokacin shiri. In kuma hujjar alƙaluma ce zalla, hoton jadawali ɗaya ya fi ɗigo biyar, ka bar shi shi kaɗai ƙarƙashin taken.

Manufofi da hanyar bincike ba sa buƙatar wannan wahalar. Malamai na jiran ganinsu da sunayensu, bar su yadda suke.

In ka gama a takarda, buɗe sabon fayil na Word, ba kundin kansa ba. Rubuta takunan ka ba kowanne `Heading 1`, ɗigogin kuma `Heading 2`. Gajeriyar hanya `Ctrl+Alt+1` da `Ctrl+Alt+2`. Ajiye fayil ɗin ka rufe shi, don in yana buɗe PowerPoint yakan ƙi ɗaukarsa. Sai ka buɗe PowerPoint ka bi nan:

```
Home > New Slide > Slides from Outline
```

Kowane `Heading 1` zai zama sabon silayid da takensa, `Heading 2` su jeru ƙarƙashinsa. In wani layi ya faɗa inda bai dace ba, shiga `View` ka zaɓi `Outline View`. `Tab` na sauko da take ya zama ɗigo, `Shift+Tab` na ɗaga ɗigo ya zama taken sabon silayid.

Aikin da ya ɓaci yana nuna kansa. In ka ga rubutu na ƙanƙancewa da kansa yayin da kake ƙara layi, ka cika kaya ne. Ni ba na barin harafin ɗigo ya sauka ƙasa da 24, saboda majigi a ɗaki mai hasken rana irin namu ba ya nuna ƙaramin rubutu. In take ya kai layi uku, ko ka ga "kuma" a tsakiyarsa, magana biyu ce ka haɗa, raba ta gida biyu ko ka zaɓi ɗaya. In kuwa ka rasa taken da za ka ba wani silayid sai "ci gaba", wataƙila ba shi da abin faɗi na kansa.

Kafin ka kira ta, karanta takunan goma kaɗai a jere, da ƙarfi, ba tare da duba ɗigo ba. Ya kamata su ba da labarin daga matsala zuwa shawara babu giɓi. In shawarar ƙarshe ta ce a gina wa manoma ɗakin ajiya mai shan iska, alhali babu taken da ya yi maganar iska a baya, koma babi na huɗu ka nemo shi. In ta zo, zaunar da ita gaban kwamfuta, ka kunna agogon wayarka, ta yi bayanin tun daga farko. Silayid ɗin da ta tsaya tana karantawa kalma bayan kalma, rage shi. Wanda ta tsallake da sauri ba ta ce komai a kai ba, tambaye ta ko a cire.