Karanta hoton farin allo da aka ɗauka daga gefe

Tambaya: Maigida, wani sakataren ƙungiya ya turo hoton farin allon da suka yi lissafi a kai bayan taro, yana so a buga masa kafin gobe. Daga gefe ya ɗauka, rubutun ɓangaren dama ya matse, kuma layukan jadawalin sun karkace har ba na gane wane kuɗi ne na wane abu. Ta ina zan fara?

Amsa: Yarona, kafin ka taɓa kwamfuta, ka kira mutumin ka tambaye shi ko ainihin hoton yana nan a cikin wayar da aka ɗauka da ita. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba turawa, manhajar tana rage shi har dogon gefensa ya koma kusan ɗigo 1,600, wato pixel, alhali kyamarar yawancin wayoyin da ɗaliban Poli da na jami'ar jiha ke shigowa da su shagon nan tana ɗaukar ɗigo 4,000 a dogon gefe. Ka ce ya sake turowa ta `Document`, ko ya zo da wayar mu kwashe da kebul. Ka tambaye shi kuma ko wani daga cikin mahalarta taron ya ɗauki nasa hoton daga ɗaya ɓangaren ɗakin, domin abin da ya yi wa wannan nisa shi ne ya yi wa wancan kusa.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan yana cikin hoton da ka nuna mini. Allon irin mai tsawon ƙafa 8 da tsayin ƙafa 4 ne, wato kusan santimita 240 da 120, kuma mai hoton yana zaune ne ta hagu. Da na auna a fuskar kwamfuta, bakin allon na hagu ya kai ɗigo 800 a tsaye, na dama kuwa 500 kacal, faɗin allon gaba ɗaya ya ci ɗigo 960. Kai abin da ka lura da shi shi ne rubutun dama ya ƙanƙance, amma ɓarnar ta fi yawa a faɗi fiye da tsayi, saboda nisa yana rage tsayin harafi da faɗinsa, sannan kallon gefe ya ƙara matse faɗin shi kaɗai. Lambar da faɗinta ya kai santimita 3 a kan allo ta samu kusan ɗigo 19 a bakin hagu, amma irinta a bakin dama ba ta wuce ɗigo 7 zuwa 8 ba, kuma a cikin wannan ɗan sarari ne ake neman ka bambance 1 da 7, ko 3 da 8. A ainihin hoton mai ɗigo 4,000, komai ya ninka sau biyu da rabi, sai lambar nan ta dama ta samu kusan ɗigo 19. Babu wani gyaran da za ka yi a kwamfuta da zai ba ka wannan ribar.

Bayan hoto mai kyau ya shigo hannu, sai miƙewa. Allo abu ne shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, saboda haka idan ka nuna wa kwamfuta inda kusurwoyin nan huɗu suke a hoton, za ta iya mayar da kowane wuri a kan allon inda ya dace. A GIMP, manhajar gyaran hoto da muke aiki da ita, ka buɗe hoton ka danna `Shift+P` don kayan aikin `Perspective`, a zaɓuɓɓukansa ka mayar da `Direction` zuwa `Corrective`, sannan ka ja kowane maƙalli ka ɗora shi a kan kusurwar allon. Ka ƙara girman hoton yayin ɗorawa, ka kuma bi bakin ciki na firam ɗin a dukkan kusurwoyin. Idan ka ɗauki bakin ciki a hagu, bakin waje a dama, layukan za su fito da ɗan gangara, kuma a jadawali mai matsattsun layuka wannan gangarar ta isa ta ɓatar da kai. Manhajojin waya irin CamScanner suna gano kusurwoyin da kansu, sai dai idan bangon ɗakin fari ne sukan kama bakin taga ko na ƙofa a maimakon allo, don haka a duba abin da suka kama kafin a amince.

Akwai abu ɗaya da kusurwoyi huɗu ba sa faɗa wa GIMP, wato yadda tsawon allon yake idan aka gwada shi da tsayinsa. Shi ya sa hoto kan fito a miƙe amma haruffan sirara dogaye. Tunda mun san wannan allon tsawonsa ninkin tsayinsa ne, ka yanke hoton daidai bakin allo, ka shiga `Scale Image`, ka cire sarƙar da ke haɗa faɗi da tsayi, ka sa 2400 da 1200. Idan ba ka san girman allo ba, ka nemi wani zagaye da aka zana, ko takardar A4 da aka manna a jikinsa, wadda faɗinta santimita 21 ne, tsayinta 29.7, ka yi ta ja har siffarsu ta dawo daidai. Idan kuma kan wani mutum ya tare kusurwa ɗaya, ka tsawaita bakin allon biyu da ido, inda suka haɗu nan ce kusurwar.

Sai na koma kan jadawalin, domin nan ne kuskure mai tsada yake fitowa. A hoton da ba a miƙe ba, layukan kwance ba a kwance suke ba: na sama suna gangarowa zuwa dama, na ƙasa suna hawa, kamar za su haɗu can a wajen hoton. Ido kuwa ya saba bin layi ɗoɗar, saboda haka idan ka ɗora yatsa a kan “kujeru” ka ja kai tsaye zuwa dama, za ka iya sauka a sama da kuɗinsu, kusa da na “hayar rumfa”. Ko bayan miƙewa kada ka dogara da ido kaɗai, domin mutumin da ke rubutu a tsaye hannunsa yakan karkata da kansa. Ka ƙirga abubuwan da ke hagu daga sama zuwa ƙasa, ka ƙirga kuɗaɗen da ke dama haka nan. A nan abubuwa biyar ne da kuɗi biyar, sai jimla a cikin akwati, don haka na farko ya ɗauki na farko, na biyu ya ɗauki na biyu. Da a ce abubuwa shida ne kuɗi biyar, to akwai layin da aka bari babu farashi, kuma ba mai buga takarda ne zai zaɓi ko wanne ne ba.

Da muka jera su, huɗu sun fito sarai: hayar rumfa 45,000, kujeru 18,000, janareta da mai 27,500, abinci 120,000. Na biyar, kuɗin mota, shi ne ya faɗa ƙuryar dama ta ƙasa inda maka ta fara ƙafewa, kuma ana iya karanta shi 16,000 ko 76,000. Hanya biyu ce ta raba gardama. Ta farko lissafi: huɗun nan sun tashi 210,500, jimlar da aka rubuta da manyan lambobi a cikin akwati kuwa 226,500 ce, saura ke nan 16,000. Da 76,000 ne, da jimlar ta zama 286,500. Ta biyu hannun marubucin: ka koma inda rubutu ya fito da kyau, ka duba yadda yake rubuta 1 da yadda yake rubuta 7. Wannan mutumin yana sa wa 7 ɗinsa sanda a tsakiya, ga ta nan a 27,500, lambar da muke shakka a kanta kuwa ba ta da sanda. Hujja biyu sun haɗu, sai ka buga 16,000 da kwanciyar hankali. Wani lokaci kuma jimlar ce ba za ta yi daidai ba, alhali kowace lamba ta fito tsaf. Nan ka buga abin da ke kan allo yadda yake, ka sanar da mai aikin, domin mai yiwuwa a ɗakin taron aka yi kuskuren lissafin, kuma su ne ke da ikon gyara shi.

Na ga ka ƙara duhun rubutun sosai, to ka yi hattara da wannan. Kayan aikin `Levels` na GIMP yana taimakawa wajen fito da makar da ta kusa ƙarewa, musamman kore da ja, amma yana fito da tsohon rubutun da aka goge bai gogu sosai ba. A saman jadawalin nan na ga wata 50,000 ta bayyana bayan ka ƙara duhun, alhali a ainihin hoton inuwa ce kawai. Yadda za ka gane tsohon rubutu shi ne bakinsa a dishe yake, akwai sawun abin goge allo a kansa, kuma sabon rubutu ya hau samansa. Kullum ka buɗe ainihin hoton a gefe, ka riƙa gwada shi da wanda ka gyara. Shi kuma farin tabon da hasken taga ko na fitila ya yi, idan ya kai fari fat, babu komai a ƙarƙashinsa da kyamara ta adana, komai yawan juya shi da za ka yi. Mutane da yawa don guje wa wannan ƙyallin ne ma suke matsawa gefe, kuma a ganina karkataccen hoto marar ƙyalli ya fi miƙaƙƙen hoto mai tabo a tsakiya.

Idan allon darasi ne ba na taro ba, akwai ƙarin matsala ta tsarin karatu. Malami yakan fara daga hagu, idan allo ya cika ya goge hagun ya ci gaba a nan, sai hoton ƙarshen darasi ya nuna ƙarshen bayani a hagu, tsakiyarsa a dama. Lambobin da ya sa wa matakai, da kibiyoyi, da jimlar da ta yanke a ƙasan dama ta ci gaba a saman hagu, su za su nuna maka tsarin.

A wannan aikin saura wuri ɗaya, sunan wanda aka ɗora wa alhakin hayar rumfa, wanda ƙyalli ya cinye rabinsa. Lamba ana iya tabbatar da ita da lissafi, suna kuwa babu jimlar da za ta tabbatar da shi. Ka buga haruffan da suka fito, ka bar sarari da alamar tambaya, ka shafa wa wurin launin rawaya. Idan ka kira sakataren a kan ainihin hoton, ka haɗa da wannan tambayar, sannan ka buga masa miƙaƙƙen hoton allon a shafi na biyu domin ya gwada da abin da muka rubuta kafin ya sa hannu.