Gyaran Larabci da bayani da Hausa: me ya sa rubutun ke hargitsewa a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ma'ahadin koyon Larabci a nan Madina. Nakan rubuta sakin layi na insha'i in tura wa wani yayanmu da ke karatu a Makka ta WhatsApp, ya gyara min, ya yi min bayanin kuskuren da Hausa don in fi ganewa. To amma idan ya dawo da shi sai in ga kalmomi sun cakuɗe, baka ta juya, aya ta koma farkon layi, har ban iya bambance abin da na rubuta da abin da ya gyara. Ina da waya, akwai kuma laftof ɗin abokin ɗakina. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da ilimi mai albarka. Wayarka lafiyarta ƙalau, ta yayanka ma haka. Abin da ke faruwa shi ne kun zuba harsuna biyu a layi ɗaya, ɗaya yana tafiya daga dama zuwa hagu, ɗayan daga hagu zuwa dama, kuka bar wa na'ura ta yanke hukunci. Ita kuwa tana da ƙa'idar da take bi. Harafin Larabci ta san na dama ne, harafin boko ta san na hagu ne. Amma aya, baka, alamar motsin rai da sarari tsakanin kalmomi ba su da ɓangare, duk wanda suka zauna kusa da shi shi suke bi. Idan suka faɗo tsakanin kalmar Larabci da ta Hausa, sai su bi alkiblar layin gaba ɗaya. A WhatsApp kuwa, harafin farko na rubutun shi ke tsayar da wannan alkibla. Shi ya sa idan yayanka ya fara da kalmar Larabci sannan ya ci gaba da Hausa, dukan bayaninsa zai jingina dama, ayar ƙarshe ta tsallaka can wani gefen.

Maganin da na fi yarda da shi: a raba musu gida. Larabci ya zauna shi kaɗai a jikin takarda, Hausa ta zauna a gefe cikin akwatin sharhi. Word da Google Docs duk an gina su don irin wannan aikin, kuma WhatsApp sai ya zama ɗan aike kawai, ya kai fayil ya dawo da shi.

Bari mu fara da laftof, tunda a nan abin ya fi fitowa fili. Ka buɗe Word, kafin ka rubuta komai ka danna Ctrl tare da Shift na hannun dama. Wannan shi ke mai da sakin layin ya zama mai tafiya daga dama zuwa hagu, muddin an saka Larabci cikin harsunan kwamfutar. A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe: sai su danna Align Right, su ga rubutu ya koma dama, su ɗauka shi ke nan. Wannan ya tura rubutun gefe ne kawai, alkiblarsa tana nan ta boko. Yadda za ka gane shi ne ka sa aya a ƙarshen jimla. Idan ta zauna a hagun kalmar ƙarshe, ka yi daidai. Idan ta yi tsalle ta koma dama, inda jimlar ta fara, to ba a juya sakin layin ba.

Kafin ka tura, kai da kanka ka kunna Track Changes a ƙarƙashin Review, ko ka danna Ctrl+Shift+E. Idan Word ɗin abokin naka na Larabci ne, kamar yadda aka saba gani a kwamfutocin da aka saya a nan Saudiyya, sunansa تعقب التغييرات a ƙarƙashin مراجعة. Ina cewa kai ka kunna saboda saitin yana bin fayil ɗin, ko yayanka ya manta, duk abin da ya goge zai fito da layi a tsakiyarsa, duk abin da ya ƙara zai fito da launi. Bayanin Hausa kuma, sai ya zaɓi kalmar da yake magana a kanta ya danna New Comment, wato تعليق جديد, ko Ctrl+Alt+M.

Ga misali, a ce ka rubuta wannan jimlar:

ذهبت الى المكتبه لأقرأ تفسير صورة الكهف, ثم رجعت

Kurakurai huɗu ne a ciki, kuma ba iri ɗaya ba ne. Biyun farko na imla'i ne: الى tana buƙatar hamza a ƙasan alif, المكتبه kuma ta'un marbuɗa take so a maimakon ha'un. Waɗannan biyun bai kamata ma su kai wurin yayanka ba, Word zai iya ja musu jan layi. Ka zaɓi rubutun, ka shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka zaɓi Arabic (Saudi Arabia). Sannan ka leƙa File, Options, Proofing, akwai zaɓin tsanantawa a kan hamzar farkon kalma, da ya'un ƙarshe, da ta'un marbuɗa. Idan ba a kunna su ba, Word na iya ɗaga wa irin waɗannan kurakuran ƙafa, ka ɗauka rubutunka tsaf yake, malami ya zo ya cika takardar da jan biro. A allon rubutun Larabci na kwamfuta, إ tana kan Shift+Y, ة kuma tana kan M.

Na huɗun, waƙafin boko ne ka sa. Na Larabci jelarsa sama take kallo, kuma yana kan Shift+K. Wannan ma ƙaramin abu ne.

Na ukun shi ne wanda ya sa nake son ka riƙe yayanka da hannu biyu. Ka rubuta صورة da sadun, ma'anarta hoto, alhali kana nufin سورة da sinun. Duka biyun kalmomi ne ingantattu, suna cikin ƙamus, don haka mai duba imla'i ba shi da dalilin ja mata layi. Mu Hausawa irin wannan ne ke yawan kama mu, saboda a bakinmu sinun da sadun da sa'un mai ɗigo uku duk "s" muke jin su, kuma hannu yana rubuta abin da kunne ya ji. A nan ne sharhin Hausa yake da daraja. Yayanka zai zaɓi kalmar, ya rubuta a akwatin gefe: "Ka sa sadun, ya zama hoton kogo kake karanta tafsirinsa. Surar Alƙur'ani da sinun ake rubuta ta." Wanda aka yi wa bayani haka da harshen uwarsa, da wuya ya sake wannan kuskuren.

Akwai abu biyu da za ka roƙe shi, cikin ladabi. Na farko, duk sharhin da zai rubuta ya fara shi da kalmar Hausa. Idan dole ne ya kawo kalmar Larabci, ya sa ta a tsakiyar jimla, Hausa a gabanta Hausa a bayanta, kada ya manna mata baka ko aya. Ta haka alamomin ba su da dalilin ruɗewa. Wannan dabarar ko a WhatsApp tana aiki, idan wata rana kuna sauri.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma na daɗe ina faɗa wa masu duba rubutun Larabci: ya riƙa sauya kalma ɗungurungum, kada ya taɓa harafi ɗaya. Haruffan Larabci a haɗe suke. Idan ya goge ص kaɗai ya sa س, abin da zai fito maka shi ne haruffa biyu cunkushe a kan kalma ɗaya, ɗaya da layi a tsakiya, kuma a fuskar waya sai ka ƙura ido kafin ka gane. Idan wasali ne ya gyara, fataha ta koma kisira, to wannan ma kusan ba ya ganuwa. Amma idan ya danna kalmar sau biyu ya sake rubuta ta, za ka ga tsohuwa a soke, sabuwa a gefenta.

Idan laftof ba ya samuwa kullum, Google Docs a waya ya wadatar, kuma ba sai kun yi ta aika fayil ba. Ka rubuta sakin layinka, ka danna Share, ka sa imel ɗin yayanka, amma ka ba shi matsayin Commenter, ba Editor ba. Da wannan matsayin duk gyaran da ya yi shawara ce kawai, rubutunka na asali yana nan har sai ka karɓa ko ka ƙi. Don haruffanmu masu ƙugiya, ku saka Hausa da Larabci a Gboard, wato allon rubutun waya na Google, kuna sauyawa da alamar duniya da ke kusa da madannin sarari. Kada a raina wannan, domin "kasa" da "ƙasa" a cikin bayanin nahawu suna iya juya ma'ana, musamman idan ana maganar hamza a ƙasan alif.

Wani lokaci za ka ga mai gyaran ya ga sakin layin ya yi masa yawan rami, sai ya sake rubuta shi gaba ɗaya a sabon fayil. Kada ka zauna kana kwatantawa da ido. A Word na kwamfuta ka shiga Review, Compare, ka sa naka a Original document, nasa a Revised document, zai fito maka da takarda ta uku mai nuna duk inda aka taɓa. Bayanin Hausa ne kawai ba za ka samu ba, sai ka bi bambance-bambancen ɗaya bayan ɗaya kana tambayarsa.

Idan gyara ya dawo, kada ka yi gaggawar danna Accept All Changes. Ka bi su ɗaya-ɗaya, ka karanta sharhi, sannan ka danna Accept. Kafin haka ka ajiye kwafi mai ɗauke da gyaran da sharhin da wani suna daban, domin da zarar ka karɓi gyara ka goge sharhi, alamar inda ka yi kuskure ta tafi, kuma ita ce za ka so dubawa idan jarrabawa ta matso.

Sai ka kiyaye tarko ɗaya wajen miƙa wa malami. Zaɓin No Markup ɓoye gyaran kawai yake yi a fuskarka, bai cire shi daga fayil ba. Na taɓa ganin ɗalibin da ya tura insha'insa haka, ustazu ya buɗe ya tarar da jan rubutu da sharhin Hausa reras a gefe, ciki har da inda mai gyaran ya rubuta masa "wannan jimlar ba ta da kai ba ta da gindi". Ka koma All Markup ka tabbatar babu sauran launi, ka shiga Delete ka zaɓi Delete All Comments in Document, sannan ka fitar da shi PDF, ka buɗe PDF ɗin a wayarka ka duba shi da idonka kafin ka tura. Idan kuma insha'in na maki ne, ka fara tambayar ustazunku ko ya yarda wani ya duba maka kafin miƙawa, domin wasu malaman suna son ganin kuskurenka yadda yake. In ya ce a'a, sai ku mai da aikin naku kan sakin layin da ya riga ya duba ya dawo maka da shi.