Milisakan 14 ba za su shiga cikin 11 ba

Maigida, sito ɗin nan da nake ginawa na VR a kwamfuta lafiya lau yake gudu, amma da na sa shi a hedset ɗin Quest 2 a kan firem 90 a sakan sai hoton ya dinga rawa in mutum ya juya kai, musamman wajen tagogin da hayaƙin nan yake. OVR Metrics Tool na nuna min GPU na cin milisakan 14. Na rage kaya a ɗakin har da akwatuna amma ba abin da ya canza, ta ina zan fara?

Toh, akwatunan nan ka mayar da su, ba su ne suka yi maka laifi ba. Zauna mu yi lissafi tukunna kafin ka sake goge komai.

Hedset ɗin na sabunta sikirin sau 90 a sakan ɗaya, ka raba 1000 gida 90 za ka samu milisakan 11.1, wannan shi ne duk lokacin da kake da shi na zana firem ɗaya, ido biyu. In ka wuce ko da kaɗan ne sikirin ba zai jira ka ba, sai hedset ɗin ya ɗauko tsohon firem ya ɗan karkata shi daidai da yadda kai ya juya ya sake nunawa. Wannan dabarar tana rufa asiri in juya kai kawai aka yi, amma hannun mutum da duk abin da ke motsi a kusa sai ya riƙa fitowa biyu-biyu, daga nan kuma sai jiri da tashin zuciya. Shi ya sa ni ba na wasa da wannan lambar, mutum ne zai sa abin a fuskarsa. Kuma kar ka nufi 11.1 ɗin cif, ka nufi 10, domin in na'urar ta yi zafi bayan an ɗan jima ana amfani da ita tana rage gudun kanta, abin da ya tsallake da kyar da safe sai ka ga ya faɗi.

Abu na farko shi ne ka gano a cikin 14 ɗin nan nawa ne na fiksel, nawa ne na sauran aiki. Hanyar mai sauƙi ce. Je ka Render Scale a saitin URP na Unity ka mayar da shi 0.5, ka tsaya a wuri ɗaya kana kallon tagogin, ka karanta lambar. Amma ka fara kulle gudun GPU ɗin, don shi da kansa yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin aiki kuma zai ruɗe maka awo:

```
adb shell setprop debug.oculus.gpuLevel 3
```

Abin da yara da yawa ke mantawa shi ne 0.5 ba rabin fiksel ba ne, rubu'i ne, saboda faɗi ya ragu rabi tsawo ma ya ragu rabi. A ce ka gwada ka ga 14 ta sauko 6.5. Kaga ka cire kashi uku cikin huɗu na fiksel ka samu sauƙin 7.5, kenan aikin fiksel gaba ɗaya wajen 10 ne, sauran 4 kuma na kusurwoyin kaya ne da sauran abin da bai damu da girman hoto ba. Akwatunanka a cikin 4 ɗin nan suke, shi ya sa ka cire su ba ka ga komai ba. Da a ce lambar ba ta motsa ba sam, da sai in ce maka mu koma mu duba yawan kusurwoyi, a duba CPU ma, amma yadda ka ce wajen hayaƙi ne abin ke tsananta, na san inda za ta faɗi.

Yanzu muna son jimla ta zama 10, 4 ɗin can ba za ta taɓu ba, kenan aikin fiksel sai ya sauko daga 10 zuwa 6. Za ka iya cewa bari in rage Render Scale kawai in huta. In ka bi ta nan kana buƙatar kashi 60 cikin 100 na fiksel, wato wajen 0.77, kuma a 0.77 rubutun da ke jikin allon gargaɗin nan na bango zai yi dishi-dishi, mutum sai ya matso da fuska kafin ya karanta. Rage fiksel shi ne abu na ƙarshe da nake taɓawa, don kowa na ganin sa a ko'ina. Araha ta fi yawa a wajen kuɗin da kowane fiksel yake ci da kuma sau nawa ake fentin sa.

Mu fara da hayaƙin, don ina kyautata zaton shi ne babban ɓarawon. Abu mai kauri wanda ba a gani ta cikinsa, kamar bango, GPU na iya duba zurfi ya ce wannan yana bayan wancan, ba sai na zana shi ba. Amma abin da ake gani ta cikinsa dole a zana shi a gauraya da abin da ke baya, ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙinka faranti-faranti ne manya da suka hau kan juna, in goma suka jeru a gaban ido to fiksel ɗaya an yi masa fenti sau goma, ga gilashin taga a baya ya zama sha ɗaya, ga bangon waje. In mutum ya kusanto har hayaƙin ya cika masa ido, duk sikirin ne ake zanawa sau goma. Buɗe Rendering Debugger ka kunna Overdraw, inda ya fi haske nan ne wutar take. Gyaran: ka rage farantan su koma uku ko huɗu, kowane ka ɗan ƙara masa kauri don idon mutum ya ga yawan bai ragu ba, ka yanke siffar farantin ta bi jikin hayaƙin don gefen da babu komai ma ana biyan kuɗinsa, sannan ka sa su ɓace in kai ya matso kusa. Gilashin kuma in ba dole sai an ga waje ba, ka mai da shi mai kauri ka zana masa ɗan ƙyalli a tekscha, ba wanda zai lura. Ragar ƙarfen da ka yi da Alpha Clipping ita ma ka sa mata ido, irin wannan yankan yana hana GPU yin watsi da fiksel da wuri, sau da yawa gara ka gina sandunan da gaske.

Sai sheda, wato ɗan furogiram ɗin da ke gudu a kan kowane fiksel yana fitar da launinsa. Na tabbata bango da ƙasa da rufi duk Lit ka sa musu, ga fitilu masu rai guda nawa a rataye. Kowace fitila mai rai lissafi ne sabo a kan duk fiksel ɗin da ta taɓa, in tana da inuwa kuma sai an sake zana ɗakin daga wajenta. Alhali bangon sito ba ya motsi, fitilar ma ba ta motsi, to me ya sa za a riƙa lissafa haske ɗaya sau 90 a sakan? Gasa hasken tun a kwamfuta ya zama hoto, bangon ya koma Baked Lit, ko ka rubuta naka wanda bai wuce haka ba:

```hlsl
half3 c = SAMPLE_TEXTURE2D(_BaseMap, sampler_BaseMap, i.uv).rgb;
half3 l = SAMPLE_TEXTURE2D(_Light, sampler_Light, i.uv2).rgb;
return half4(c * l, 1);
```

Karatun tekscha biyu da ninkawa ɗaya, shi ke nan. Ka lura na sa half ba float ba, a irin guntun waya da ke cikin Quest 2 lambar mai rabin girma ta fi sauri kuma ta ishi launi, amma kar ka sa ta a matsayin abu a duniya ko a UV na babban bango, za ka ga hoton na karkarwa ko yana yin tsani-tsani. Shedar mai tsada ka ajiye ta don abin da mutum zai ɗauka a hannu ya juya ya kalla, wannan ɗan wuri yake ci a sikirin. Dokar da nake bi ita ce abin da ya fi cika ido shi ne zai samu sheda mafi araha. Na taɓa ɓata kwana biyu ina gyaran shedar wata ƙaramar na'ura a kan tebur, ashe ƙasan ɗakin ne ke cinye lokacin, tun ranar nake fara duba ƙasa da bango.

Wani abu kuma, in ka kunna Bloom ko wani kwalliyar bayan zane, kashe shi. GPU ɗin nan yanki-yanki yake zana hoto a cikin wata 'yar ma'ajiya mai sauri, ya gama ya fitar sau ɗaya. Kwalliyar bayan zane na tilasta masa ya fitar da hoton duka, ya sake karanto shi, ya sake rubutawa, ido biyu. MSAA kuwa, mai sumulce gefen kaya, ka bar shi a 4x, shi a cikin 'yar ma'ajiyar ake yin sa, bai da tsada sosai, kuma in ka cire shi gefen kaya zai riƙa walƙiya.

A ce bayan wannan duka aikin fiksel ya sauko daga 10 zuwa 8. Yanzu ne za mu taɓa yawan fiksel ɗin, kuma daga gefe za mu fara. Gilashin hedset dama yana dusar da gefen hoto, ido ma tsakiya ya fi kallo, to akwai Fixed Foveated Rendering da ke zana gefen da ƙarancin fiksel ya bar tsakiya yadda take. Fara da Low ko Medium, ka sa hedset ɗin ka kalli allon rubutun ta wutsiyar ido, in ka ga gefen ya yi dabbare-dabbare ka sauko mataki ɗaya. Ya fi amfani in sheda ce ke da nauyi, kuma in kwalliyar bayan zanen nan na kunne ribarsa na iya salwanta, wani dalilin kenan na kashe ta. Daga nan sai Render Scale zuwa 0.9, wato kashi 81 cikin 100, 8 ta koma wajen 6.5, ɗan abin da gefe ya rage maka ya kai ka kusa da 6, ka haɗa da 4 ɗin can ka ga 10. A 0.9 rubutu na nan ana karantawa.

Ka riƙa canza abu ɗaya ka auna ka rubuta a takarda, wuri ɗaya, kallo ɗaya, in ka canza uku a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. In ka gama ka sake kunna hedset ɗin don kullen gudun nan ya fita, ka bar shi yana gudu minti ashirin ko talatin ya yi zafi, sannan ka shiga tsakiyar hayaƙin ka juya kai da sauri kana kallon Stale Frames, wato yawan tsofaffin firem ɗin da aka sake nunawa, so muke ya zauna a sifili ko kusa da shi. In duk da haka ya ƙi, ka saukar da hedset ɗin zuwa 72, nan kana da milisakan 13.9, 72 da ba ta yankewa ta fi wa mai sawa daɗi a kan 90 mai tuntuɓe. Je ka yi gwajin 0.5 ɗin yanzu ka kawo min lambobin biyu, da hoton Overdraw na wajen tagogin.