Karanta taswirar gini da aka ɗauka a hoto

"Maigida, mai aikin ya turo mini hoton taswirar gidan a waya. Na ga an rubuta 1:100 a ƙasa, amma da na buga hoton a takarda na ɗora rula, sai awon ya ƙi dacewa da lambobin da ke jiki. Wanne zan bi, kuma yaya zan bambance bango da ƙofa da taga?"

Ɗana, lambobin za ka bi, ka mayar da rular aljihu. Ma'anar 1:100 ita ce santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita ɗaya a ƙasa, amma wannan alƙawari yana aiki ne kawai a kan ainihin takardar da mai zane ya fitar da girmanta. Da zarar an ɗauke ta a hoto, girman ya canza, rubutun kuwa yana nan yadda yake. Ko ba hoto ba, idan aka rage zanen A3 ya koma A4, sikelin ya tashi daga 1:100 zuwa kusan 1:141. Hoton waya ya fi wannan matsala, domin mai ɗauka yakan karkata hannu, sai gefen da ya fi nisa da shi ya tsuke, ɗakuna biyu masu girma ɗaya su fito kamar wa da ƙane. Ka duba layin da ya kewaye takardar: idan na sama ya fi na ƙasa gajarta, hoton a karkace yake. Wasu masu zane sukan sa ɗan sanda mai gaɓoɓi baƙi da fari, an rubuta 0, 1, 2, 5 a kansa. Shi yana raguwa tare da zanen, don haka yana taimakawa wajen ƙiyasi, amma ban yarda a kafa fegi da shi ba.

Kafin alamomin su zauna maka, ka ɗauka an yanke gidan a kwance, sama da mita ɗaya kaɗan daga daɓe, an cire sama, kai kuma kana leƙowa daga bisa. Duk abin da yankan ya ratsa ana zana shi da layi mai kauri, shi ya sa bango yake fitowa a layi biyu masu kauri a jere. Inda aka rubuta 225 bulo mai inci tara ake nufi, 150 kuwa mai inci shida ne, wanda aka fi raba ɗakuna da shi. Lambobin duk milimita ne, saboda haka 3600 mita uku ce da santimita sittin.

Ƙofa giɓi ce a jikin bango, da miƙaƙƙen layi ɗaya da wani lanƙwasasshe kamar gefen faranti. Inda miƙaƙƙen ya haɗu da bango nan ne maƙalar ƙofar, lanƙwasar kuma tana nuna ɓangaren da za ta buɗe. A taga bangon bai yanke gaba ɗaya ba, siraran layuka biyu ko uku ne suke ratsa wurin, kuma su ne hoto marar kyau ya fi haɗiyewa har taga ta yi kama da bango. Saboda haka ka nemi alamarta a gefe, W1 ko W2, kamar yadda ƙofa take da D1 da D2. Tsayinsu ba ya fitowa a wannan shafi, sai a jadawalin ƙofofi da tagogi, wanda sau da yawa mai ɗaukar hoto yake mantawa da shi. Layi mai tsinke-tsinke kuma abin da ke saman kai yake nunawa, kamar bim ko bakin rufi, kada ka ɗora masa bulo.

Na taɓa karɓar hoton da haske ya cinye lambar faɗin wani ɗaki, ban iya tantance ko 3600 ce ko 3800 ba. Sai na koma layin awo na can waje, inda aka rubuta faɗin ginin duka 8400. Na haɗa bangon waje 225, da bangon tsakiya 150, da falo 4200, da ɗaya bangon wajen 225, suka ba ni 4800. Da na cire daga 8400, saura 3600. Na ƙara gwadawa da ƙofar ɗakin mai faɗin 900, na ga ta shiga faɗin ɗakin sau huɗu daidai.

Abu ɗaya da nake so ka lura da shi sosai shi ne inda layin awo ya tsaya. Idan ya tsaya a fuskar bango, lambar cikin ɗaki ce. Idan kuwa ya tsaya a tsakiyar bango, kan layin da ke da da'ira mai harafi ko lamba a ƙarshensa, to daga tsakiya zuwa tsakiya aka auna, kuma 3600 tsakanin bango biyu masu inci tara za ta bar maka 3375 ne kawai a ciki, tun kafin filasta. Idan hoton bai nuna maka wannan sarai ba, ka kira mai zanen ya turo fayil ɗin PDF ko ya kawo takardar kanta, kafin ka ja igiya a fili.